Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Gane Mu'adalar Kemistiri Ta Daidaita

Waɗannan tambayoyi ne da yaranmu 'yan sanawiyya na Makka da Jidda suke yawan kawo mini a darasin yamma, musamman idan jarrabawar Tahsili ta shiga jami'a ta ƙarato. Maganar a nan ta dubawa ce kawai: an ba ka mu'adala, ko kai ka rubuta ta, ta yaya za ka tabbatar daidai take kafin ka miƙa takarda? Hanyoyin daidaita ta tun daga farko wani darasi ne daban.

Malam, me ake nufi da an ce mu'adala ta daidaita?

Abu biyu ake nufi, kuma dole su cika tare. Na farko, kowane irin atam da ya shiga ta gefen hagu na kibiya ya fito ta gefen dama da adadinsa, ba ƙari ba ragi. Na biyu, jimillar cajin lantarki ta hagu ta zama daidai da ta dama. Dalili shi ne a cikin haɗuwar sinadarai atam ba ya ɓacewa, ba a kuma ƙirƙiro sabo, abokan zama kawai yake sauyawa. Ilektiron ma haka: wanda ya bar wani atam, wani ne ya karɓe shi. Masanin kemistiri Lavoisier ya rubuta ƙa'idar rashin ɓacewar nauyi a littafinsa na 1789, kuma ita ce tushen ƙidayar atam da muke yi.

Yawancin ɗalibai sun riƙe sharaɗi na farko da kyau. Na biyun ne suke bari a baya, kuma a nan ne mai tsara tambayar jarrabawa yake jiran su.

Yaya ake ƙidayar atam ɗin ba tare da an ruɗe ba?

Ka ɗauki gas ɗin tukunyar girki da ke gidanku. Akwai butan a cikinsa, kuma ga yadda yake ƙonewa:

2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O

Lambobi iri biyu ne a nan. Akwai babbar lamba da ke gaban sinadari, wadda littafinku ke kira mu'amil, sai ƙaramar lamba da ke rataye a ƙasan harafi. Ƙaramar ta harafin da ke jikinta ce kaɗai. Babbar kuwa tana ninka duk abin da ke cikin sinadarin, daga harafin farko har na ƙarshe. Saboda haka 2C₄H₁₀ na ɗauke da kabon 2 sau 4, wato 8, da haidirojin 2 sau 10, wato 20.

Kada ka yi ƙidayar da ka. Ka ja layi a gefen takarda, ka jera haruffan, kowanne da layinsa:

```
C:  2×4  = 8    |  8×1 = 8
H:  2×10 = 20   |  10×2 = 20
O:  13×2 = 26   |  8×2 + 10×1 = 26
```

Dubi layin oksijin. A dama wuri biyu yake zaune, 16 a cikin CO₂ da 10 a cikin ruwa. Wanda ke sauri sai ya ƙirga 16 ya tsaya, ya ce mu'adala ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Abin da nake koya wa yara shi ne su ɗora bakin biro a kan kowane sinadari ɗaya bayan ɗaya, daga na farko har na ƙarshe, suna tambayar kansu ko harafin da suke nema yana ciki. Aikin ba ya cin minti ɗaya, kuma shi ke hana wannan kuskuren.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Rubutun littafinku na Larabci daga dama yake tashi, mu'adala kuma daga hagu take tashi. Idan ka ja layinka, ka sa hagu a hagu, dama a dama, yadda kibiyar ta nuna. Ga ƙidaya kanta juya ɓangarorin ba ya ɓata komai, amma idan ka zo gyara, ka ce "a ƙara a wancan gefen", nan ne za ka ƙara a inda bai kamata ba.

Idan akwai baka biyu a cikin sinadarin fa?

Lambar da ke bayan baka tana ninka duk abin da ke cikin bakan. Ga misali:

Al₂(SO₄)₃ + 3Ca(OH)₂ → 2Al(OH)₃ + 3CaSO₄

A cikin Al₂(SO₄)₃ oksijin 4 sau 3 ne, wato 12. A cikin 3Ca(OH)₂ ninki biyu za ka yi: 2 na baka, sannan 3 na gaba, ya ba ka oksijin 6 da haidirojin 6. Hagu ke nan oksijin 18. A dama 2Al(OH)₃ ya ba da 6, 3CaSO₄ ya ba da 12, jimilla 18. Alminiyom 2 da 2, kalsiyom 3 da 3, salfa 3 da 3, haidirojin 6 da 6.

Akwai gajeriyar hanya. Tun da SO₄ ya shiga a dunƙule ya fita a dunƙule, kana iya ƙirga shi a matsayin abu ɗaya: uku a hagu, uku a dama. OH ma shida da shida. Hanyar na da kyau matuƙar dunƙulen bai fashe ba. Da zarar ka ga wani ɓangare na NO₃ ya koma NO₂, ko OH ya shige cikin ruwa, ka koma ƙirga harafi harafi.

Ɗigon da ake sawa a tsakiya, kamar a CaSO₄·2H₂O, wato jibs ɗin da magina ke aiki da shi, ba alamar ninkawa ba ce. Ruwa biyu ne maƙale da gishirin, sai a haɗa oksijin ɗinsu: 4 da 2, ya zama 6.

Atam duk sun yi daidai, amma malamin makaranta ya soke mini amsa. Me ya sa?

Kusan kullum caji ne. Kawo takardar mu gani, amma ina kyautata zaton irin wannan ka rubuta:

Cu + Ag⁺ → Cu²⁺ + Ag

Jan ƙarfe ɗaya a kowane gefe, azurfa ɗaya a kowane gefe. Ido ya gamsu. To ƙirga caji: hagu akwai +1, dama akwai +2. Abin da wannan rubutu ke faɗa shi ne jan ƙarfe ya saki ilektiron biyu, azurfa ta karɓi ɗaya, ɗayan kuma ya shiga iska. Haka ba ya faruwa. Sai an sami iyon biyu na azurfa, wato atam masu caji, da za su karɓe su:

Cu + 2Ag⁺ → Cu²⁺ + 2Ag

Yanzu +2 ne a hagu, +2 a dama, azurfa kuma biyu da biyu. Wannan ba ado ba ne a kan takarda. Idan aka tsoma wayar jan ƙarfe a ruwan naitiret ɗin azurfa, ruwan zai koma shuɗi, azurfa ta fito a jikin wayar, kuma duk atam ɗaya na jan ƙarfe da ya narke, atam biyu na azurfa ne ke fitowa. Wanda ya yi lissafin nauyi da mu'adalar farko rabin azurfar da za a samu zai faɗa.

To nuna mana ƙidayar caji a mu'adala mai wuya, daga farko har ƙarshe.

Bari mu ɗauki wadda ake yawan gani a babin oksada da ikhtizal, babin bayar da ilektiron da karɓarsa, wato famanganet da iyon ɗin ƙarfe a cikin asid. Famanganet shi ne sinadarin nan mai launin shunayya da ke rina yatsa. A ce ɗalibi ya kawo wannan:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + Fe²⁺ → Mn²⁺ + Fe³⁺ + 4H₂O

Mu fara da atam. Manganiz ɗaya da ɗaya. Oksijin 4 a hagu, 4 a cikin ruwa huɗu na dama. Haidirojin 8 a hagu, 4 sau 2 a dama. Ƙarfe ɗaya da ɗaya. Babu inda aka samu giɓi, kuma ɗalibin ya yi aiki sosai kafin ya kai nan, shi ya sa yake da wuya ya yarda akwai saura.

Ƙidayar caji tafiyarta ɗaya da ta atam: a ninka cajin kowane iyon da babbar lambar da ke gabansa, a tara na kowane gefe, ana kula da alamar ƙari da ta ragi. Abin da ba shi da alama a samansa, kamar ruwa, sifili ne.

A hagu MnO₄⁻ ya ba da −1. 8H⁺ ya ba da +8. Fe²⁺ ya ba da +2. Jimilla +9. A dama Mn²⁺ ya ba da +2, Fe³⁺ ya ba da +3, ruwa sifili. Jimilla +5. Tara da biyar ba ɗaya ba ne, don haka mu'adalar ba ta daidaita ba, duk da kyan da ta yi a ido.

Kada ka tsaya a "ba daidai ba ne". Giɓin yana gaya maka abu. Bambancin 4 ne, kuma dama ce ta gaza. Wane abu ne za ka iya ƙarawa wanda zai ɗaga dama fiye da hagu ba tare da ya taɓa ƙidayar atam ba? Ƙarfe. Duk lokacin da ka ƙara Fe²⁺ ɗaya a hagu da Fe³⁺ ɗaya a dama, hagu ta ƙaru da 2, dama ta ƙaru da 3, giɓin ya ragu da 1. Giɓi huɗu na buƙatar ƙarin ƙarfe huɗu, a kan ɗayan da ke nan, biyar ke nan:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O

```
hagu:  (−1) + 8×(+1) + 5×(+2) = +17
dama:  (+2) + 5×(+3) + 0      = +17
```

Lambar 5 ɗin ba dace aka yi ba. Manganiz ya sauko daga matakin +7 zuwa +2, ya haɗiye ilektiron biyar, kowane ƙarfe kuma ɗaya tak yake bayarwa. Hanya biyu daban sun kai ka wuri ɗaya, wannan shi ne tabbacin da kake nema. Bayan kowane gyara ka sake ƙirga atam daga farko, domin wani lokaci gyaran caji yana kwance abin da aka riga aka ɗaure.

Ashe ba dole ba ne jimillar caji ta zama sifili?

A'a. Dole dai gefe biyun su yi daidai da juna. A misalin da ya gabata +17 ne da +17, kuma daidai ne. Ruwan da ke cikin kwalba shi kam ba shi da caji, domin akwai iyon ɗin fotasiyom da na salfet da ke ciki suna cike gurbin, amma tun da ba su shiga haɗuwar ba, ba a rubuta su. Idan an rubuta mu'adalar da cikakkun sinadarai, kamar KMnO₄ da FeSO₄, sifili da sifili za ka samu.

Ni dai alamomin da ke saman haruffa ne ke rikita ni, musamman idan an turo tambaya ta waya.

Kina da gaskiya, kuma ba ke kaɗai ba ce. A littafi SO₄²⁻ a fili yake: 4 a ƙasa na oksijin ne, 2 a sama na caji ne. Da an buga shi a saƙon waya sai ya koma `SO42-`, lambobin su manne, wani ya karanta oksijin 42, wani ya ce caji −42. Haka `Fe3+` ƙarfe ɗaya ne mai caji +3, amma `NH4+` haidirojin huɗu ne da caji +1, kuma a rubutun waya kamanninsu ɗaya. Maganin shi ne kafin ki fara ƙidaya ki kwafe mu'adalar da hannu, ki sa kowace lamba a mazauninta. Idan ke ce mai turawa, ki sa alama tsakani, kamar `SO4^2-`, ko ki ɗauki hoton takardar kawai.

Wani ruɗanin ya fi wannan zurfi. Cajin da ke saman MnO₄⁻ na dunƙulen gaba ɗaya ne, ba na oksijin na ƙarshe ba, kuma ba a ninka shi da 4. Haka kuma +7 ɗin da muka ce manganiz na da shi a ciki lambar oksada ce, hanyar bin sawun ilektiron. Ba ta shiga jimillar caji. A jimilla −1 kaɗai ake sawa.

Idan akwai e⁻ a cikin mu'adalar, yaya zan ƙirga shi?

A ƙidayar atam ba ya shiga. A ƙidayar caji kowane ɗaya −1 ne. Rabin mu'adala ne ke zuwa da shi, kamar abin da ke faruwa idan aka ratsa ruwan gishiri da wutar lantarki don a samu kulorin:

2Cl⁻ → Cl₂ + 2e⁻

Hagu −2, dama sifili da −2. Ɗaya rabin kuma shi ne 2H₂O + 2e⁻ → H₂ + 2OH⁻, inda hagu ke da −2, dama ma −2. Kuskuren da na fi gani shi ne a sa ilektiron a gefen da ba nasa ba. Da an rubuta 2Cl⁻ + 2e⁻ → Cl₂, hagu za ta zama −4, dama sifili, nan take ƙidaya ta tona asiri. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce ilektiron yana zuwa gefen da cajinsa ya fi yawa kafin a sa shi, don ya sauko da shi. Idan kuma ka haɗa rabi biyu ka ga e⁻ ya saura a mu'adalar ƙarshe, ba ka ninka rabin-rabin yadda ya kamata ba.

Ba zan iya sauya ƙaramar lambar ƙasa don ƙidaya ta fita ba?

Ba za ka iya ba. H₂ + O₂ → H₂O ba ta daidaita ba, kuma idan ka mayar da ita H₂O₂ ƙidaya za ta fita, amma ka sauya sinadari. H₂O ruwan sha ne, H₂O₂ kuwa shi ne farokzaid ɗin da ke kumfa a kan rauni. Caji ma haka: Fe²⁺ da Fe³⁺ abubuwa biyu ne, launinsu ma a ruwa daban, ɗaya kore-kore ɗaya rawaya-rawaya. Babbar lambar gaba kaɗai aka yarda ka taɓa. Shi ya sa matakin farko na dubawa, tun kafin ƙidaya, shi ne ka gwada sinadaran da ka rubuta da waɗanda ke cikin tambayar, harafi da harafi.

Wani abokina yana tara nauyin kowane gefe maimakon ƙirga atam. Hanyarsa ta yi?

Ta fi tsawo, kuma makauniya ce ga caji. Nauyin ilektiron kusan kashi ɗaya ne cikin 1836 na nauyin furoton, ba ya ma fitowa a lambobin jadawalin da kuke amfani da shi. Mu'adalar famanganet ɗin nan mai kuskure, mai +9 da +5, za ta tsallake gwajin nauyi lafiya lau.

Idan atam da caji duk sun yi daidai, shi ke nan mu'adalar gaskiya ce?

A nan ne iyakar wannan gwaji take, kuma ya kamata ɗalibin da ya fara ƙwarewa ya san ta. Ƙidaya tana iya cewa "wannan ba zai yiwu ba". Ba ta iya cewa "wannan shi ne ke faruwa". Lamarinta kamar na ɗan kasuwa ne da littafinsa ya nuna shiga da fita sun yi daidai: lissafi ya fita, amma wannan bai nuna an yi cinikin da gaske ba.

Cu + 2HCl → CuCl₂ + H₂ ta daidaita ta kowace fuska. Amma jefa jan ƙarfe a cikin asid ɗin haidirokulorik mai ruwa, ba za ka ga gas ɗin haidirojin yana tashi ba, domin jan ƙarfe yana ƙasan haidirojin a jerin ƙarfin ƙarafa. Sanin kemistiri ne ke gaya maka wannan, ba ƙidaya ba.

Akwai misalin da ya fi ba ni sha'awa, inda mu'adala biyu masu sinadarai iri ɗaya duk suka ci gwajin:

2MnO₄⁻ + 5H₂O₂ + 6H⁺ → 2Mn²⁺ + 5O₂ + 8H₂O

2MnO₄⁻ + 3H₂O₂ + 6H⁺ → 2Mn²⁺ + 4O₂ + 6H₂O

Ƙirga ta farko: oksijin 18 da 18, haidirojin 16 da 16, caji +4 da +4. Ta biyu: oksijin 14 da 14, haidirojin 12 da 12, caji +4 da +4. Duka sun wuce. Amma a ɗakin gwaji, famanganet biyu farokzaid biyar suke ci, ba uku ba. Dalili shi ne manganiz biyu na buƙatar ilektiron goma, kowane H₂O₂ kuma biyu yake bayarwa idan ya koma O₂, sai an samu biyar ke nan. Abin da ya ba ta biyun damar tsallakewa shi ne farokzaid yana da tasa mu'adalar ta rugujewa, 2H₂O₂ → 2H₂O + O₂, wadda ita ma daidaitacciya ce. Ka ƙara ta ko ka cire ta sau nawa ka ga dama, ƙidaya ba za ta motsa ba. Cire ta sau ɗaya daga ta farko, ta biyun ce za ta fito. Don haka a duk inda ilektiron ke sauya hannu, ka ƙara gwaji na uku: waɗanda aka bayar su yi daidai da waɗanda aka karɓa, kana bin kowane sinadari da abin da ya koma.

An yarda da rabin lamba, kamar 13/2?

C₄H₁₀ + 13/2 O₂ → 4CO₂ + 5H₂O daidaitacciya ce, oksijin 13 da 13, kuma a babin zafin haɗuwa da gangan ake rubuta ta haka. Amma idan tambaya ta ce mafi ƙanƙantar cikakkun lambobi, ninka komai da 2. Haka kuma 4, 26, 16, 20 sun daidaita, sai dai duk suna rabuwa da 2, don haka a rage su.

A ɗakin jarrabawa lokaci kaɗan ne. Da me zan fara?

Idan ka ga alamar ƙari ko ragi a saman wani harafi, fara da caji. Layi ɗaya ne na lissafi ga kowane zaɓi, kuma sau da yawa zaɓi biyu cikin huɗu a nan za su faɗi. Waɗanda suka rage sai ka ƙirga musu atam, ka fara da harafin da ke wuri ɗaya tak a kowane gefe, ka bar oksijin da haidirojin zuwa ƙarshe tun da su ne ke warwatse.

Gwada da wannan: Cr₂O₇²⁻ + 14H⁺ + 6Fe²⁺ → 2Cr³⁺ + 6Fe³⁺ + 7H₂O. Idan ka yi daidai za ka samu +24 a kowane gefe, kuromiyom 2 da 2, oksijin 7 da 7, haidirojin 14 da 14. Idan hagu ta ba ka +28, ka ɗauki −2 ɗin daikuromet a matsayin +2. Idan dama ta ba ka +21, ka manta ka ninka Cr³⁺ da 2 ɗin da ke gabansa.